Sun Ɗaure Kaya Kafin Su Yi Tambaya

Karatu: Irmiya 41:16 zuwa 43:7

  Ubangiji ya ba mu kunnen ji.

Yau ina so mu yi magana a kan mutumin da ya yi tambaya da bakinsa, aka ba shi amsa, sai amsar ta zo ba yadda yake so ba. Dukanmu mun taɓa zama wannan mutum. Mun yi addu'a, mun je wurin Fasto, mun nemi shawarar dattawa, mun kai jini asibiti domin gwaji. Yin tambayar bai yi mana wuya ba. Da amsa ta zo ne aka ga abin da yake zuciyarmu, gama akwai abu biyu da suke karkatar da kunnen mai tambaya. Na ɗaya buri ne, wato abin da ransa ya kwallafa a kai. Na biyu kuwa tsoro. Bari mu ga yadda suka yi aiki a cikin wata jama'a a zamanin annabi Irmiya.

Wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, sojojin Nebukadnezzar sarkin Babila suka ci Urushalima, suka ƙone Haikali, suka kwashe manyan gari zuwa bauta. Talakawa aka bari a ƙasar, aka naɗa musu Gedaliya ya zama mai mulki a garin Mizfa. Abubuwa suka fara daidaita. Sura 40 ta gaya mana Yahudawan da suka gudu zuwa Mowab da Ammon da Edom sun komo, har suka tara amfanin gona mai yawa a wannan kaka.

Amma a wata na bakwai wani mai suna Isma'ilu ɗan Netaniya, daga zuriyar sarauta, ya zo da mutum goma. Suna cikin cin abinci tare da Gedaliya, sai suka tashi suka kashe shi. Suka kashe Yahudawan da suke tare da shi, har da sojojin Babila da suke wurin. Isma'ilu ya kwashe sauran mutanen Mizfa zai kai su ƙasar Ammon. Wani shugaban mayaƙa, Yohenan ɗan Kareya, ya bi shi, ya tarar da shi a babban tafki na Gibeyon, ya ƙwato mutanen. Isma'ilu ya tsere da mutum takwas.

To, ku sa kanku a matsayin Yohenan. An kashe wanda sarkin Babila ya naɗa, an kashe sojojinsa, mai laifin kuma ya tsere. In rundunar Babila ta dawo, wa zai tsaya ya bambanta mai laifi da marar laifi? Waɗannan mutane sun ga yunwa a lokacin da aka kewaye Urushalima da yaƙi, sun ga gawawwaki a titi. Tsoronsu yana da dalili, kada mu yi musu dariya. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. A cikin masu saurarona ma akwai waɗanda suka taɓa kwana a daji da yara saboda tashin hankali, sun san abin da nake faɗa.

Yanzu ku lura da aya 17 ta sura 41, gama a nan ne asirin labarin yake. Bayan sun ƙwato mutanen, ba su koma Mizfa ba. Suka yi kudu, suka sauka a wani masauki kusa da Baitalami, kuma Littafi Mai Tsarki ya faɗa a fili cewa niyyarsu su tafi Masar ne. Mizfa tana arewa da Urushalima, Baitalami tana kudu, a kan hanyar Masar. Wato sun riga sun ɗaure kaya, sun riga sun yi zangon farko. A wannan zango ne suka zo wurin Irmiya, manya da ƙanana, suka roƙe shi ya yi musu addu'a Ubangiji ya nuna musu hanyar da za su bi. Har suka yi rantsuwa cewa ko amsar ta yi daɗi ko ba ta yi ba, za su yi biyayya.

Ban ce ƙarya suke yi da gangan ba. Ina tsammani sun gaskata bakinsu a lokacin. Sun tabbata a ransu cewa Allah zai ce su tafi, don haka alkawarin biyayya bai yi musu nauyi ba. Albarka suke nema a kan tafiyar da suka riga suka fara, suka kira ta neman nufin Allah.

Kwana goma suka wuce kafin maganar Ubangiji ta zo wa Irmiya. Ku tuna da wannan. Annabin da ya yi shekara wajen arba'in yana wa'azi bai ba da amsa daga kansa ba, ya jira. Amma kwana goma a zango, da yara suna kuka, kowace ƙura da ta tashi daga arewa ana cewa ga sojoji nan, ya isa tsoro ya yi ƙiba.

Da amsar ta zo, ga abin da ta ƙunsa. Su zauna a ƙasar. Ubangiji zai kafa su kamar gini, ya dasa su kamar itace. Kada sarkin Babila ya firgita su, gama Ubangiji yana tare da su, zai kuma sa sarkin ya ji tausayinsu. Amma in suka nace sai Masar, yaƙin da yunwar da suke gudu za su bi su har can. A aya 14 Ubangiji ya tona abin da suke mafarki: ƙasar da babu yaƙi, babu ƙarar ƙahon yaƙi, abinci kuma ba ya yankewa. Wannan shi ne burinsu. Tsoro yana tura su daga baya, buri yana jansu daga gaba.

Me suka yi da amsar? Sura 43 ta ce Azariya da Yohenan da sauran masu girmankai suka ce wa Irmiya ƙarya yake yi, ba Allah ne ya aiko shi ba. Suka ce Baruk, magatakardansa, shi ne ya zuga shi domin a bashe su a hannun mutanen Babila. Ku duba abu uku da suka faru a nan.

Na fari, rabin amsar kawai suka ji. Akwai alkawari mai daɗi a cikinta: kafawa, dasawa, jinƙai, kasancewar Allah tare da su. Ba su ambaci ko ɗaya ba. “Ku zauna” kaɗai ya shiga kunnensu, tsoro kuma ya fassara musu shi da “ku mutu”. Aikin tsoro ke nan, yakan share alherin da yake cikin amsa, ya ƙara mata muni da ba ta faɗa ba.

Na biyu, ba su taɓa tambayar abin da yake Masar ba. Masar ɗin da suka dogara gare ta, ita ce ta fito da runduna lokacin da aka kewaye Urushalima, sa'an nan ta koma gida ta bar birnin ya fāɗi, kamar yadda sura 37 ta nuna. Buri bai bar su su tuna da wannan ba. Hausawa sun ce so hana ganin laifi.

Na uku, da suka kasa ture maganar, sai suka ture mai maganar. Kwana goma da suka wuce Irmiya mutumin Allah ne a wurinsu, yau ya zama maƙaryaci. Ba abin da ya sāke a halin Irmiya, amsar ce kawai ba ta gamshe su ba. Shi ne wanda ya faɗi faɗuwar Urushalima tun da daɗewa, ta kuwa fāɗi a idonsu. Shi ne kuma wanda shugaban sojojin Babila ya ce masa ya zo Babila a lura da shi, amma ya zauna tare da talakawan ƙasarsa. Da an auna zargin da hankali, da bai tsaya ba.

Suka tafi Masar, suka tafi da Irmiya da Baruk, suka sauka a Tafanes. A can Ubangiji ya sa Irmiya ya binne manyan duwatsu a ƙofar gidan Fir'auna, ya ce a kansu sarkin Babila zai kafa gadon sarautarsa. Tarihi ya nuna Nebukadnezzar ya kai wa Masar yaƙi wajen shekara ta 568 kafin haihuwar Almasihu. An gudu ba a tsira ba.

'Yan'uwa, bari in kawo maganar gida. A ikkilisiyoyinmu da yawa, kafin a ɗaura aure kwamitin aure yakan ce saurayi da budurwa su kawo takardar gwajin jini. Ɗaya daga cikin abin da ake dubawa shi ne cutar sikila, wadda wasu suke kira amosanin jini. Na taɓa zama da wani saurayi da budurwarsa a kan wannan. Shekara uku suna nema. An kai kayan aure, an sa rana, zumuntar mata ta riga ta zaɓi zanen biki. Sai da ya rage 'yan makonni suka je gwaji. Kun ga zangon Baitalami ke nan, an ɗaure kaya kafin a yi tambaya. Takarda ta fito, shi AS, ita ma AS.

Abin da takardar take faɗa ke nan. Mai AS ba shi da cutar, yana ɗauke da irinta ne kawai. In mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da hanya huɗu da zai iya bi: ɗaya AA, biyu AS, ɗaya SS. Mai SS shi ne mai cutar.

Saurayin ya ce mini, “Mai bishara, ai ɗaya cikin huɗu ne. Mu haifi uku mu tsaya, shi ke nan.” Wannan karatun buri ne. Sai na ɗauko ƙwarya, na sa wake huɗu a ciki, uku farare, ɗaya ja. Na ce ya rufe ido ya ɗauki ɗaya, ya duba, ya mayar, ya girgiza, ya sāke ɗauka. Na ce masa haka kowane ciki yake, waken ja ba ya fita daga ƙwaryar. Zai iya fitowa a ɗan fari, zai iya fitowa sau biyu a jere, zai iya ƙin fitowa. In aka yi lissafin gidaje irin wannan masu 'ya'ya huɗu huɗu, wajen gida ɗaya cikin uku ne kawai ba za a sami mai SS ko ɗaya ba. Da ya ji haka, sai ya ce ai kawun yarinyar bai taɓa son auren ba, kuma yana da aboki a asibitin. Ga Baruk ya fito.

Budurwar kuwa tsoro ne ya karanta mata takardar. Ta yi kwana biyu ba ta ci abinci ba. Ta ce jininta ya lalace, la'ana ce daga gidansu, ba wanda zai aure ta har abada. Takardar ba ta faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Lafiyarta ƙalau. In ta auri mai AA, ba a sa ran ɗa mai SS a tsakaninsu. Takarda ɗaya ce, buri ya rage mata nauyi, tsoro ya ƙara mata.

To, yaya mai bi zai karanta amsar da ba ya so da gaskiya? Zan ba ku matakai huɗu, dukansu daga labarin nan.

Na ɗaya, kafin ka tambaya, ka duba inda ƙafafunka suke, ka kuma faɗa wa Allah abin da kake so da abin da kake tsoro. Da Yohenan ya ce, “Ya Ubangiji, Masar muke so, Babila muke tsoro, ka taimake mu,” da ya yi addu'ar gaskiya. Son abu ba zunubi ba ne. Irmiya kansa, da annabin ƙarya Hananiya ya ce cikin shekara biyu za a komo da kayan Haikali, ya amsa da amin, domin shi ma haka yake so. Amma bai bar abin da yake so ya zama maganar Allah ba. Abin da ka ɓoye wa kanka shi ne yake juya ka. In kuma zai yiwu, ka yi tambaya tun ba ka ɗaure kaya ba. Iyaye, a yi gwajin jini tun ana gaisuwar farko, kafin a karɓi sadaki. Amsa mai ɗaci ta fi sauƙin haɗiyewa a Mizfa da a Baitalami.

Na biyu, ka yanke hukunci a kan mai ba da amsa kafin amsar ta zo. In ba ka amince da dattijon nan ba, kada ka je wurinsa. In kuwa ka amince da shi jiya, ɗacin maganarsa ta yau ba hujja ba ce a kansa. Ga ma'aunin da zai taimake ka: da amsar ta zo yadda nake so, zan yi wannan zargi? Da takardar ta ce AA, saurayin nan zai tuna da kawu da abokinsa? Mudun da za ka auna amsa mai daɗi, da shi za ka auna mai ɗaci.

Wannan bai hana bincike ba. Ana yin kuskure a ɗakin gwaji, kuma wanda aka ƙara wa jini a 'yan watannin baya, gwajinsa zai iya ruɗewa. Na ce wa matasan nan su je wani asibiti dabam su sāke, amma su yarda tun yanzu cewa in ya fito daidai da na farko, magana ta ƙare. Wanda ya sāke gwaji sau ɗaya gaskiya yake nema. Wanda yake yawo asibiti biyar, ko gidan masu addu'a biyar, har ya sami mai gaya masa abin da yake so, Hananiya yake nema. Haka yake da maganar da wani ya ce daga Allah take. Wasiƙar Yahaya ta fari, sura 4, ta umarce mu mu gwada ruhohi. Ɗaci kaɗai ba ya mai da magana gaskiya. A gwada ta da Littafi Mai Tsarki, da halin mai faɗinta, da ko abin da ya faɗa a dā ya cika.

Na uku, ka maimaita amsar duka da bakinka a gaban wani wanda ba ruwansa da abin da kake so. Ka faɗi abin da ta ce, ka faɗi abin da ba ta ce ba. A Ayyukan Manzanni sura 21, a Kaisariya, annabi Agabas ya ɗaure hannuwansa da ƙafafunsa da ɗamarar Bulus, ya ce haka za a ɗaure mai ita a Urushalima. Iyakar saƙon ke nan. 'Yan'uwa, saboda ƙauna da tsoro, suka ɗora roƙonsu a kai cewa kada ya tafi. Bulus ya karɓi saƙon ɗaurin, bai ce ƙarya ba ne, amma ya rarrabe shi da ƙarin da hawaye suka yi.

Haka ma in kana karatun Littafi Mai Tsarki. Da yawa muna son Irmiya 29:11, inda Ubangiji ya yi maganar shirinsa na alheri. Amma ka koma aya 10. An rubuta wa bayi ne a Babila, aka ce musu sai shekara 70 ta cika. Aka ce su gina gidaje, su yi gonaki a ƙasar bauta. Yawancin waɗanda suka fara jin wasiƙar a can aka binne su. Alkawarin gaskiya ne, amma wanda ya ɗauki aya 11 ya jefar da aya 10, buri ne ya yi masa karatu.

Na huɗu, kada ka yi abin da ba ya warwaruwa a ranar da zuciya take tafasa. Ka zauna da amsar, ka yi kuka in kuka ya zo, ka kai ta gaban Ubangiji. Manzo Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da take jikinsa. Amsa ta zo cewa ba za a cire ba, alherin Ubangiji zai ishe shi. Bulus ya ji kashi biyun duka, ƙin da alkawarin, ya rubuta su tare a 2 Korantiyawa sura 12. Ubangijinmu Yesu ma a Getsamani ya faɗi abin da yake so a fili, cewa ƙoƙon wahala ya wuce shi, sa'an nan ya miƙa kansa ga nufin Uba. Bai ɓoye roƙonsa ba, bai kuma murɗe amsar ba.

Matasan nan sun sāke gwaji, ya fito kamar na farko. Ban yanke musu hukunci ba, gama takardar asibiti ba annabci ba ce, ba ta ce a yi aure ko a fasa ba. Ta faɗi abin da yake cikin jini ne kawai. Na kai su gidan wata uwa a ikkilisiyarmu mai renon yaro mai SS. Ta ba su labarin daren da ciwon ƙashi yake tashi, da neman jini, da kuɗin magani. Ta kuma nuna musu yaron, mai fara'a, mai ƙoƙari a makaranta, ta ce kyautar Allah ne, ba la'ana ba. Bayan wata guda suka zo da kansu suka ce sun fasa, aka mayar da kaya cikin mutunci, da hawaye. Akwai waɗanda suka ji duk wannan suka ci gaba da idonsu a buɗe, suka shirya ɗaukar nauyin. Abin da nake roƙo shi ne kada kowa ya yanke shawara a kan amsar da shi ya gyara da hannunsa.

Mai sauraro, wataƙila akwai amsar da take hannunka yau: maganar likita, ko shawarar dattawa, ko ayar da ta tsaya maka a rai ta ƙi tafiya. Ka tambayi kanka a daren nan: ina kayana suke? Wane kashi na amsar ne na ƙi ji? Wa na mai da shi Baruk? Begen mai bi bai rataya a kan samun amsar da yake so ba. Ya rataya ne a kan Allah wanda ya ce wa mutanen nan yana tare da su a ƙasar da suke tsoro, in sun zauna.

Mu yi addu'a. Ya Uba na Sama, ka san abin da muke so, ka san abin da muke tsoro. Ka gafarta mana lokatan da muka tambaye ka da kaya a ka. Ka ba mu kunnen da zai ji maganarka duka, da zuciyar da za ta tsaya inda ka ce ta tsaya. Ka ta'azantar da waɗanda amsa mai ɗaci ta same su a makon nan, ka ƙarfafa iyayen da suke renon marasa lafiya. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.

Sai mako mai zuwa in Ubangiji ya yarda. Ku huta lafiya.